Yadda ake zaɓar aikin zuba jari idan NPV da IRR suka saɓa wa juna

Mu ɗauka kana da rumfa guda ɗaya a bayan gari, kuma kana son kafa injin casar shinkafa a cikinta. An kawo maka farashi biyu. Ƙaramin inji da duk kayan aikinsa zai ci naira miliyan 10, ya riƙa kawo miliyan 6 duk shekara har shekara uku. Babban kuwa zai ci miliyan 30, ya riƙa kawo miliyan 16 duk shekara, shi ma shekara uku. Rumfar ba za ta ɗauki duka biyun ba, dole ka zaɓi ɗaya. Da mai lissafinka ya buga, sai IRR, ma'aunin da ke nuna kason da jari ke samowa a shekara, ya ce ƙaramin ne gaba, NPV kuma, ma'aunin da ke nuna rarar da aiki zai bari a darajar kuɗin yau, ya ce babban. Alƙaluman nan na misali ne, na zaɓe su don lissafin ya zo da sauƙi, amma irin wannan saɓanin yana faruwa kullum a teburin masu ba da bashi da masu haɗa hannun jari. Abin da ke damuna shi ne yawancin mutane kaso mafi girma suke bi ido rufe, alhali tambayoyi daban-daban ma'aunan biyu suke amsawa.

Mataki na ɗaya: jera kuɗin da za su fita da waɗanda za su shigo

Kafin a taɓa wani ma'auni, sai an rubuta tsabar kuɗi shekara bayan shekara. Ranar da aka zuba jari ita ce shekara ta sifili, kuma duk kuɗin da ya fita daga aljihu a sa masa alamar ragi. Na ƙaramin inji zai zama −10, +6, +6, +6. Na babban kuma −30, +16, +16, +16.

Miliyan 6 ɗin nan ba ribar da akanta ke rubutawa a littafi ba ce. Abin da ya saura a hannu ne bayan an biya ma'aikata, an sayi dizal, an yi gyara, an biya haraji. Kada a cire ragin tsufan inji da akanta ke yi, domin an riga an lissafa kuɗin injin gaba ɗaya a shekara ta sifili. Haka kuma kada a cire biyan bashin banki, saboda tsadar kuɗi za ta shigo ta wata ƙofa a mataki na gaba, kuma cire ta nan zai zama an ƙirga ta sau biyu. Kuɗin sayen shanshera da za a ajiye a sito kuwa jari ne: ana sa shi a farko, a dawo da shi a shekarar ƙarshe tare da abin da za a samu in an sayar da tsohon injin. A misalinmu an riga an cusa waɗannan cikin alƙaluman.

Mataki na biyu: yanke farashin jari

Naira ɗari ta yau ta fi naira ɗari ta baɗi, domin ta yau za ka iya juya ta. Tambayar ita ce kashi nawa cikin ɗari kuɗinka zai samo a shekara in ka kai shi wata harka mai kasada irin wannan. Wannan kason shi zan riƙa kira farashin jari.

Wanda ya ci bashi, farashin jarinsa ba zai gaza abin da banki ke karɓa ba. Wanda kuma ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, lissafin bai bar shi a baya ba, tun da ba ruwa ake aunawa ba, damar da aka saki ake aunawa. Yana iya duba abin da tsohuwar sana'arsa ke ba shi, ko abin da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, ke biya. Sukuk na farko da gwamnatin tarayyar Najeriya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, ya riƙa biyan kashi 16.47 cikin 100 a shekara, kuma kasadarsa ba ta kai ta injin casa ba. Don haka sai a ɗora wani abu a kai saboda kasada.

Akwai tarko a nan. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100, Babban Banki kuma ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa 27.5. A irin wannan yanayi, in ka ɗauki farashin jari daga kasuwa, to dole kuɗin shigar shekarun gaba su ma ka ƙiyasta su da tashin farashi a ciki. In ka rubuta su da farashin yau, sannan ka rage su da kason kasuwa, aiki mai kyau zai fito kamar asara. A nan za mu yi amfani da kashi 20 cikin 100.

Mataki na uku: lissafa NPV

NPV yana mayar da kowane kuɗi na gaba zuwa darajarsa ta yau, ya tara su, sannan ya cire jarin. Kuɗin shekara ta ɗaya a raba shi da 1.2. Na shekara ta biyu a raba da 1.2 sau 1.2, wato 1.44. Na ta uku a raba da 1.728.

A ƙaramin inji, miliyan 6 ta farko ta koma miliyan 5, ta biyu ta koma 4.17, ta uku ta koma 3.47. Jimla 12.64. A cire jarin miliyan 10, saura miliyan 2.64. A babban inji kuwa za a samu 13.33 da 11.11 da 9.26, jimla 33.70, a cire 30, saura miliyan 3.70.

Kada a fahimci 2.64 a matsayin duk ribar aikin. Ma'anarta ita ce aikin ya mayar da jari, ya biya kashi 20 da ka nema a kowace shekara, sannan ya bar rarar da darajarta a yau miliyan 2.64 ce. Shi ya sa ko da NPV ya zo sifili ba asara aka yi ba, aikin ya yi daidai da abin da za ka samu a wani wuri ne kawai.

A Excel, in ka sa jarin a B1, kuɗin shiga kuma daga B2 zuwa B4:

```
=NPV(0.2,B2:B4)+B1
```

Jarin yana waje da baka da gangan. Manhajar tana ɗaukar adadi na farko da ka ba ta a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya. In ka tura B1 ciki, za ta ba ka 2.20 maimakon 2.64. Duk lokacin da amsar na'ura ta gaza ta hannu da daidai rabon 1.2, wannan kuskuren ne.

Mataki na huɗu: nemo IRR

IRR shi ne kason da in ka yi amfani da shi a matsayin farashin jari, NPV zai zama sifili. Da hannu ana samo shi ta gwaji ne. Ƙaramin inji a kashi 30 yana ba da NPV na miliyan 0.90, a kashi 40 kuma yana ba da −0.47. Ke nan amsar tana tsakani, ta fi kusa da 40. In aka ci gaba da matsawa za a tsaya a kashi 36.3. Babban inji zai tsaya a 27.8. Na'ura tana yin wannan gwajin nan take:

```
=IRR(B1:B4)
```

Yana da kyau a ga abin da 36.3 ɗin nan ke nufi da ido. Miliyan 10 ta yi shekara a cikin aikin, ta ƙaru da kashi 36.3, ta zama 13.63. Ka ɗebi 6, saura 7.63. Wannan ta ƙaru zuwa 10.40, ka ɗebi 6, saura 4.40. Ita ma ta ƙaru zuwa 6, ka ɗebe, babu saura. Lura da cewa kashi 36.3 yana hawa ne kan kuɗin da ya rage a cikin aikin kaɗai. A shekara ta uku miliyan 4.40 ce tak ke samun wannan kason. Kuɗin da ka riga ka ɗebe, IRR bai san inda suka tafi ba, kuma bai damu da yawan kuɗin da aka zuba tun farko ba. Duk saɓanin da za mu gani daga waɗannan abubuwa biyu yake tasowa.

In aiki ɗaya ne a gabanka, kuɗi ya fita sau ɗaya a farko sannan ya yi ta shigowa, ma'aunan biyu ba sa faɗa. Muddin IRR ya haura farashin jari, NPV zai haura sifili. A nan duka injinan biyu sun ci jarrabawa. Rigimar tana farawa ne sa'ad da aka ce a fifita ɗaya a kan ɗaya.

Mataki na biyar: idan girman jari ya bambanta, auna ƙarin kuɗin shi kaɗai

Kowane ɗan kasuwa ya san ribar rabi a kan tiren goro ba ta kai ribar kashi goma a kan tirelar masara ba. Abin da ke faruwa tsakanin injinan nan ke nan. Amma akwai hanyar da za ta nuna maka gaskiyar lamarin da alƙalami, ba da ji a jiki ba.

Cire kuɗin ƙaramin aiki daga na babban, shekara da shekara. −30 a cire −10 ya ba da −20. Kowace shekara 16 a cire 6 ya ba da 10. Sai ka samu sabon jeri: −20, +10, +10, +10. Wannan shi ne ainihin shawarar da ke gabanka. Miliyan 10 ta farko za ka kashe ta ko wanne ka zaɓa. Abin tambaya shi ne ko ƙarin miliyan 20 ya cancanci a zuba shi don samun ƙarin miliyan 10 duk shekara.

Buga IRR na wannan jerin, za ka samu kashi 23.4. Tun da ya haura farashin jarinka na 20, ƙarin kuɗin yana biyan kansa, babban inji ya yi nasara. NPV na jerin miliyan 1.06 ne, daidai da tazarar da ke tsakanin 3.70 da 2.64. Wato in aka yi wa IRR tambayar da ta dace, amsar NPV yake bayarwa.

Kashi 23.4 ɗin nan yana da wani amfani babba. Shi ne mahaɗar da NPV na ayyukan biyu ke zama daidai, kuma masanin tattalin arziki ɗan Amurka Irving Fisher ya yi bayaninsa tun 1930. In farashin jarinka yana ƙasa da shi, babban inji ne gaba. In ya haura shi, ƙaramin ne gaba, saɓanin ma ya ɓace. Gwada kashi 25 ka gani: ƙaramin ya ba da miliyan 1.71, babban ya ba da 1.23. Saboda haka mutum biyu za su iya duba takarda ɗaya su yanke hukunci daban, kuma kowa yana da gaskiya. Mai kuɗinsa a hannu da farashin jari 20 ya ɗauki babban. Wanda zai ciyo bashi a kashi 25 ko fiye ya tsaya a ƙaramin.

Sai dai kafin ka sa hannu, tambayi kanka abin da miliyan 20 ɗin za ta yi in ba ka sayi babban ba. Lissafin da muka yi ya ɗauka cewa kashi 20 kawai za ta samo a waje. Amma a ce kana da wasu rumfuna biyu a wasu garuruwa, kowace za ta ɗauki ƙaramin inji mai irin wannan samu. To miliyan 30 ɗinka za ta kafa ƙanana uku, NPV ɗinsu a haɗe miliyan 7.92, ya ninka na babban. Ba NPV ne ya yi kuskure ba, an dai ba shi zaɓin da bai cika ba. Idan kuɗi ƙayyadadde ne kuma ayyuka suna da yawa, ana neman haɗin ayyukan da jimlar NPV ɗinsu ta fi girma cikin kuɗin da ake da shi.

Mataki na shida: idan lokacin dawowar kuɗi ya bambanta, bi kuɗin da ya dawo da wuri

Wani lokaci jarin ɗaya ne amma saɓanin yana nan. Kana da miliyan 10. Ko ka yi kwangilar da za ta dawo da miliyan 13 bayan shekara ɗaya, ko ka sayi fili da kake da yaƙinin sayarwa miliyan 20 bayan shekara uku. IRR na kwangila kashi 30 ne, na fili 26. A farashin jari 20, NPV na kwangila miliyan 0.83 ne, na fili 1.57. Sun sake rabuwa.

Hanyar warwarewa ita ce ka kai duka biyun rana ɗaya. Bayan shekara ɗaya miliyan 13 tana hannunka. Me za ka yi da ita a sauran shekara biyu? In kashi 20 za ta riƙa samu, za ta zama miliyan 18.72, ba ta kai 20 ta fili ba. In za ta ci gaba da samun kashi 30, za ta kai 21.97, ta wuce fili. Mahaɗar tana wajen kashi 24. Duk wanda ya fifita kwangila don IRR ɗinta ya fi, ya ɗauka ke nan cewa wata harka mai irin wannan samu tana jiransa da zarar an biya shi, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Kuma wani lokaci da gaske tana jira. In kana da tabbacin samun irin wannan kwangilar kowace shekara har uku, to abin da za a gwada da fili shi ne kwangila uku a jere, kuma NPV ɗinsu a haɗe miliyan 2.11 ne, ya fi 1.57. In kuwa sa'a ce ta sau ɗaya, fili ya fi. Wannan tambaya ce ta sanin kasuwa, na'ura ba za ta amsa maka ita ba.

Mataki na bakwai: ƙirga sau nawa alamar kuɗi ta juya

Wasu ayyukan suna da babban kashe kuɗi a ƙarshe. Ka karɓi hayar wuri don haƙar jar ƙasa, ka kashe miliyan 10 a farko, ka samu miliyan 25 a shekara ta ɗaya, sannan yarjejeniya ta wajabta maka cike ramin da gyara wurin a shekara ta biyu da miliyan 15.4. Jerin shi ne −10, +25, −15.4. Alamar ta juya sau biyu, daga ragi zuwa ƙari, daga ƙari zuwa ragi. A ƙa'idar lissafi, yawan IRR na iya kaiwa yawan juyin alamar.

A nan guda biyu ne cif: kashi 10 da kashi 40. Duka biyun suna mayar da NPV sifili. Excel ba zai gargaɗe ka ba. Yana fara lalube daga kashi 10, ya miƙa maka amsar da ya fara cin karo da ita. In ka ba shi wani wurin farawa, sai ya kawo ɗayar:

```
=IRR(B1:B3)
=IRR(B1:B3,0.5)
```

Wanda ya ga 10 zai ce aikin bai kai farashin jari ba, ya yar da shi. Wanda ya ga 40 zai ce an samu garaɓasa. Babu wanda ya gane aikin a cikinsu. NPV a kashi 20 naira dubu 139 ne kacal, wato aikin yana bakin gaɓa, kuma ɗan ƙari kaɗan a kuɗin cike rami zai jefa shi cikin asara. Duk jerin da alamarsa ta juya fiye da sau ɗaya, ni a ganina kada ma a rubuta IRR ɗinsa a rahoto. A lissafa NPV a kaso daban-daban, daga sifili zuwa 50, a jera su a ga inda yake hawa da inda yake sauka.

Wasu za su ce a koma wa MIRR, wato gyararren IRR wanda kake gaya masa kason da kuɗin da suka fito za su riƙa samu. Yana maganin amsa biyu, yana kuma rage zuzuta samu: in ka ba shi kashi 20, na ƙaramin inji ya sauko zuwa 29.7, na babban zuwa 24.7. Amma ka ga har yanzu ƙaramin yake sa wa gaba, domin shi ma kaso ne, bai ga girman jari ba.

Mataki na takwas: gwada ƙarfin hukuncin kafin ka biya kuɗi

A tsakanin ayyukan da dole a zaɓi ɗaya, NPV ne ke yanke hukunci. Amma kada a jefar da IRR, domin yana nuna tazarar da ke tsakaninka da asara. Ƙaramin inji zai jure tsadar kuɗi har kashi 36, babban kuwa daga 28 ya faɗi. Fifikon babban a kan ƙaramin ma daga 23.4 yake ƙarewa, maki uku da ɗan abu kawai sama da farashin jarin da muka ɗauka. In bashinka irin wanda banki ke iya sauya kasonsa ne, wannan tazarar siririya ce ƙwarai.

Yi irin wannan gwajin a kan kuɗin shiga. Fifikon babban inji miliyan 1.06 ne. Kowace naira ɗaya da ta ragu a samun kowace shekara tana rage NPV da naira 2.11, wato jimlar 1 a raba da 1.2, da 1.44, da 1.728. Raba 1.06 da 2.11, za ka samu kusan rabin miliyan. Ke nan in samun babban inji ya sauko daga miliyan 16 zuwa 15.5 a shekara, ragin kimanin kashi 3 cikin 100 kacal, fifikonsa ya tafi. In ya sauko zuwa 15, NPV ɗinsa miliyan 1.60 ne, ƙaramin ya wuce shi da fiye da miliyan ɗaya.

Don haka sai ka koma kan miliyan 16 ɗin ka tono inda ta fito. Buhu nawa aka ɗauka injin zai casa a rana, kuma kwana nawa a shekara? Babban inji yana buƙatar shanshera mai yawa ba yankewa, kuma a watannin da ke gab da kaka tana ƙaranci ta yi tsada. Tambayi masu irin wannan injin wata nawa suke aiki sosai, awa nawa suke samun wuta, lita nawa ta dizal suke ƙonawa a rana in an ɗauke. In ƙiyasin ya ginu kan aiki wata goma sha biyu cur, sake buga shi da wata goma, ka fitar da sabon jerin bambanci, ka duba ko IRR ɗinsa yana nan sama da farashin jarinka.